Dubu talatin ɗin da na kusa sayarwa a dubu ashirin da biyu

Mu goma ne a adashenmu na nan Ƙofar Marusa a Katsina, zubin naira 5,000 duk Juma'a, kwasa 50,000. Ni ce ta takwas. Turaren wuta da humra nake sayarwa, da jarin 80,000 na fara.

Bayan zubi na shida na zauna na ƙirga abin da ke hannuna: tsabar kuɗi 12,000, kayan da ke cikin kwalabe na 25,000. Gabana ya faɗi, na ce jari ya karye. A wannan halin ne wata maƙwabciyarmu ta ce in sakar mata lambata, ta ba ni 22,000 a take, ta ci gaba da zubin. Har yau in na tuna yadda ta kawo maganar da sunan taimako, sai raina ya ɓaci.

Da na je wa uwar adashe da zancen, sai ta janyo littafinta mai jan bango, ta nuna mini layina.

"Ɗiyata, in babu komai a nan, me take son saya da kuɗinta?"

Ta lissafa mini. Matar za ta ba ni 22,000, ta zuba sauran huɗu, wato 20,000, ta kwashe 50,000. Dubu takwas ta ci a kaina ke nan. Ta ƙara da cewa kuɗi da kuɗi, kaɗan yau don mai yawa gobe, riba ce da shari'a ta hana.

"To Inna, ai kuɗin ba su hannuna."

"Suna hannun mutanen da dole su ba ki. Wadda ta kwasa farko ta ɗauki 50,000, ta zuba 30,000, ita ake bi 20,000. Ke kuwa ke ke bi."

Sai ta sa na kawo sunayen masu ɗaukar turare bashi: 22,000. A nan ta tsananta. Duk suna sai ta tambayi yaushe ta biya na ƙarshe, kuma ina take zaune. Akwai 7,000 na wata da ta koma Maraɗi, wayarta ba ta shiga, Inna ta ce in cire shi daga lissafi har sai ya zo. Saura 15,000. Da muka haɗa da zubina na 30,000 da kaya da tsabar kuɗi, 82,000 ya tashi. Ashe jarina bai taɓu ba.

Abin da ya rage gaskiya shi ne, kuɗin da ke hannun mutane ba ya sayo sandal yau, kuma kafin ya dawo farashi zai iya tashi. Shi ya sa yanzu ba na barin bashin masu saye ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na jarina, kowane kuma da ranar biya a rubuce. Mako biyu bayan nan na kwashi dubu hamsin ɗina cif, ita kuwa maƙwabciyar gaisuwa kawai ke haɗa mu.