Yadda na zaftare wa baiwar Allah albashinta na farko saboda raba kuɗi da 30

Har yanzu in na tuna abin nan raina ɓaci yake, don ba wani lissafi ne mai wuya ba, ni ne kawai na yi gaggawa. Ni ke haɗa albashin ma'aikata a wani ƙaramin kamfani, muna aiki Litinin zuwa Juma'a. A watan Maris na 2023 muka ɗauki wata sabuwar ma'aikaciya, ta fara ranar Litinin 13 ga wata, albashinta na cikakken wata 150,000. Da ƙarshen wata ya zo sai na ɗauki kalkuleta na raba 150,000 da 30, ya ba ni 5,000 a kowace rana, sannan na ƙirga ranakun da ta sa hannu a rajistar zuwa aiki, sati uku cif, kwana 15 ke nan. Na ninka, 75,000. Na tura, hankalina kwance.

Washegari sai ga ta a bakin tebur ɗina da takardar albashin a hannu, a kunyace take magana, wai Malam don Allah ka yi haƙuri, ko akwai wani abu da aka cire min ne, na ga kamar rabin albashi aka ba ni alhali na yi fiye da rabin wata. Ni kuma da ƙarfin gwiwata na juya mata kalkuleta na ce ga shi nan, dubu biyar sau goma sha biyar. Ta yi shiru ta ce to, na gode, ta tafi. Wannan "to" ɗin shi ya fi damuna har yau, don ita ce da gaskiya amma ta haƙura saboda sabuwa ce ba ta son a ce daga zuwanta ta fara rigimar kuɗi.

Da yamma na sake zama a kan lissafin, sai na tambayi kaina, to da a ce ta zo tun 1 ga wata ba ta yi fashin ko rana ɗaya ba, nawa wannan hanyar tawa za ta ba ta? Maris ɗin nan yana da ranakun aiki 23. Dubu biyar sau 23, 115,000. Ba 150,000 ba. Nan take jikina ya yi sanyi. Abin da na yi shi ne na haɗa hanyoyi biyu da ba sa haɗuwa: wajen rabawa na yi amfani da kwanakin wata gaba ɗaya har da Asabar da Lahadi, wajen ninkawa kuma na ƙirga ranakun aiki kaɗai. Wato na rage darajar kowace rana don a samu abin biyan ƙarshen mako, sannan na ƙi biyan ƙarshen makon.

In da ranakun aiki za ka yi, to wajen ninkawa da wajen rabawa duk ranakun aiki ne: 150,000 sau 15 a raba da 23, ya kama 97,826. In kuma da kwanakin kalanda ne, daga 13 zuwa 31 ga Maris kwana 19 ne har da ƙarshen mako, watan kuma kwana 31, sai ya zama 150,000 sau 19 a raba da 31, wato 91,935. Duka biyun ana amfani da su, kuma duka za su dawo maka da cikakken albashi in ka gwada su da cikakken wata. Tawa ce kawai ba ta da tushe. Ko wannan 19 ɗin ma a kula, in ka cire 13 daga 31 za ka samu 18, sai ka ƙara ɗaya don ranar da ta fara ma ta yi aiki.

Abin da ya ƙara ƙona min rai, da na buɗe takardar ɗaukar aikinta sai ga shi a rubuce ɓaro-ɓaro cewa ana lissafin guntun wata ne da ranakun aiki na wannan watan. Ban karanta ba. Don haka hakkinta 97,826, na biya 75,000, saura 22,826 na danne mata, kuma albashinta na farko, lokacin da mutum ya fi kowane lokaci buƙata. Sai da na je na faɗa wa oga da bakina, muka biya ta cikon a satin, na je har wurinta na ba ta haƙuri. Gyaran bai tsaya nan ba, tunda haraji da kason fansho duk a kan 75,000 ɗin na lissafa su, sai da na sake su a kan adadin gaskiya. Alawus ɗin wata-wata ma da wannan kason na 15 bisa 23 ya kamata ya tafi, ba wani lissafi daban ba.

Ita kanta rabawa da 30 ɗin, ko an yi ta daidai ni dai ban ƙara yarda da ita ba. A wannan Maris ɗin in ka biya kwanakin da ta yi, 5,000 sau 19, za ka samu 95,000. In kuma ka cire kwana 12 da ba ta nan daga cikakken albashi, 90,000 za ka samu. Mutum ɗaya, wata ɗaya, amsa biyu. A Fabrairu mai kwana 28 kuwa wanda ya bar aiki ranar 27 za a biya shi 27 bisa 30, rana ɗaya ya rasa amma an cire masa uku. In dokar aiki ta inda kake ko yarjejeniyar ma'aikaci ta ce da 30 za a raba, to ka bi, amma a rubuta ƙarara ko biyan kwanakin da aka yi za a yi ko cire waɗanda ba a yi ba.

A Yunin shekarar wani ya ajiye aiki, albashinsa 220,000, ranarsa ta ƙarshe Juma'a 16 ga wata. Wannan karon takardarsa na fara buɗewa kafin in taɓa kalkuleta. Watan na da ranakun aiki 22, shi ya yi 12, kuɗinsa 120,000. Ya zo ya ce Malam ai ni na ɗauka har Lahadi za a lissafa min tunda na cika satin. Na gane inda ya dosa, da a ce da kwanakin kalanda muke yi da bambancin ya yi yawa, 16 bisa 30 zai ba shi 117,333, in an kai shi Lahadi 18 ga wata kuma 132,000. Shi ya sa masu bin kalanda dole su rubuta ainihin ranar da aiki ya ƙare, ba ranar da mutum ya daina zuwa ofis kawai ba. Mu da muke kan ranakun aiki babu wannan gardamar, na nuna masa cewa da ma'aunin da muke biyan mai shigowa da shi muke biyan mai fita, ya gamsu. Kuɗin hutun shekararsa da bai ci ba kuma na sa shi a layi daban, ban cakuɗa shi da guntun watan ba.

Yanzu ban ƙirga da yatsa, a Excel nake yi:

```
=B2*NETWORKDAYS(C2,D2)/NETWORKDAYS(E2,F2)
```

B2 albashin wata, C2 da D2 ranar farko da ta ƙarshe da mutum yake cikin aiki a watan, E2 da F2 farkon wata da ƙarshensa. NETWORKDAYS yana haɗawa da ranar farko da ta ƙarshe da kansa, yana tsallake Asabar da Lahadi, in ranakun hutunku ba su ba ne sai a koma NETWORKDAYS.INTL. Hutun gwamnati da ake biya ban cire shi, ina barinsa wajen ninkawa da wajen rabawa a matsayin ranar aiki. Kuma kafin in tura kowane guntun albashi sai na sa 1 ga wata a C2 da ƙarshen wata a D2 na ga cikakken albashin ya fito daidai, gwajin da bai kai minti ɗaya ba, wanda da na yi shi a Maris ɗin nan da baiwar Allah ba ta tsaya a gabana tana ba ni haƙuri a kan kuɗinta ba.