Sonet: ku nemo juyin kafin ku fara ƙirga ɗango

Ƙannena masu sha'awar rubuta sonet, ko da Turanci ko da Hausa, akwai abin da na so a ce an faɗa mini da wuri. Cika ɗango 14 ba shi ne aikin ba, kowa zai iya. Aikin shi ne maganar da ke cikin waƙar ta juya, kuma ta juya a inda ya dace. Na ɓata lokaci mai yawa ina jera ɗango ina ƙirgawa da yatsa, in na kai 14 sai in ajiye alƙalami in ce na yi sonet, alhali gajeriyar ƙasida ce kawai na yanke wa wutsiya.

Wannan tsari a tsibirin Sisili na Italiya aka haife shi a ƙarni na 13, a fadar sarki Frederick na biyu, kuma Giacomo da Lentini ake danganta ƙirƙirarsa gare shi. Petrarch, wanda ya rasu a 1374, shi ya fito da shi duniya. A tsarin Italiya waƙar kashi biyu ce: ɗango 8 na farko su kafa magana, 6 na ƙarshe su amsa ta, ko su ƙaryata ta, ko su dube ta ta wata fuska. Wurin da kashi na farko ya miƙa wa na biyu shi ne juyi, wato farkon ɗango na 9. Da tsarin ya isa Ingila a ƙarni na 16 ta hannun Wyatt da Surrey, sai aka sake rabon: baiti uku masu ɗango hurhuɗu, sannan ƙwar biyu ta rufe. Da shi Shakespeare ya yi amfani a tarin sonet 154 da aka buga a 1609. A wannan tsarin juyin kan iya jinkirta har ɗango na 13, kodayake sau da yawa shi ma a na 9 yake juyawa, kamar a sonet ɗinsa na 18.

Kuskurena na farko daga tarbiyyar rubutacciyar waƙarmu ya fito. Mun saba da waƙa mai fili, wadda za a buɗe da sunan Allah da salati, a gabatar da jigo a tsanake, a warware shi baiti bayan baiti, a rufe da addu'a. A waƙa mai baiti hamsin wannan ado ne. A sonet kuwa, in ka ba gabatarwa ɗango huɗu, ka cinye rabin filin da za ka kafa hujjarka. Na biyun ya fi muni: amsa-amo a Hausa araha gare shi. Kalmomin da ke ƙarewa da wa ko ya ba su ƙirguwa, don haka ɗango kan zo da kansa ba tare da ya ɗauko wata magana ba.

Bari in nuna muku da waƙar da na yi a kan rijiyar kakanmu, wadda aka yi watsi da ita bayan an kafa famfo a unguwa. A zubin farko ɗango na 5 da na 6 cewa suka yi:

Kowa ya guje ta, wallahi kuwa,
Ba mai zuwa gare ta, 'yan'uwa.

Ku dube su da kyau. Ɗango na 2 ya riga ya ce mun juya wa rijiyar baya, saboda haka na 5 maimaici ne, na 6 kuma maimaicin maimaici. Kalmomin ƙarshe, kuwa da 'yan'uwa, amsa-amo ne kaɗai ya gayyato su. Haka na yi ta kukan an yi watsi da rijiya har ɗango na 12, sannan na tuna cewa akwai ranar da injin famfon ya mutu, na cusa ta cikin ɗango biyu na ƙarshe. Abin da ya sa na zauna rubuta waƙar tun farko, wato komawarmu ga rijiyar cikin kunya, shi ne ya rasa wurin zama.

Da na gane haka sai na wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Na kashe injin tun a ɗango na 6, muka koma rijiya a na 7, labari ya ƙare. Sauran ɗango bakwai me zan yi da su? Sai wa'azi: kada a raina tsohon abu, a girmama na gaba, duniya juyi-juyi ce. Ku lura da wannan, domin ciko iri biyu ne kuma kowanne yana nuna inda juyin ya kauce. In kun ga maimaici ya taru a gaba, juyin ya makara. In kun ga nasiha ta taru a baya, juyin ya yi sammako.

Abin da ya gyara waƙar bai shafi kari ko amsa-amo ba. Na ajiye ɗangogin gefe, na rubuta maganar da zube cikin jimla biyu: mun raina rijiyar da mai ita har muna shirin cike ta, amma da muka koma mata a wulaƙance, daga ita har shi ba wanda ya yi mana gori. Sai na tambayi kaina abubuwa nawa mabambanta nake da su a jimlar farko. Zuwan famfo, lalacewar guga da igiya, ciyawa a bakin rijiya, faɗan tsoho, dariyarmu, zancen cikewa. Sun isa ɗango 8. A jimla ta biyu akwai mutuwar inji, tafiyar dare, sunkuyar da kai, shirun rijiya, shirun tsoho. Sun isa 6. Ga yadda ta fito:

Tun da aka kafa famfon ruwa,
Muka juya wa rijiya baya;
Gara ta cinye guga da igiya,
Bakinta duk ya cika da ciyawa.
Kakan da ya gina ta na tsawatawa,
Mu ko sai mu kwashe da dariya,
Mu ce zamaninsa ya zama jiya,
Har aka fara zancen cikewa.
Sai ga bazara, inji ya mutu;
Muka lallaɓa bakinta da dare,
Kowa da tulu, kansa a ƙasa.
Ba ta yi gori, ba ta ta da batu,
Ta shayar da mu da tsohon tare;
Shi ma bai ce komai ba, ya sha nasa.

Gaɓa kawai na ƙirga, goma zuwa sha biyu a ɗango, ban ɗora ta a kan karin aruli ba, kuma na san malaman waƙa za su yi mini magana a kan haka. Wannan zance ne na wata rana.

Abin dubawa a nan shi ne ɗango na 5 zuwa na 8, domin a nan mafi yawan sonet ɗin masu koyo ke mutuwa. Baitin farko yakan zo da sauƙi, ƙarshen ma yana cikin kai tun farko, sai baiti na biyu ya zama wurin jira. Maganinsa shi ne baiti na biyu ya ƙara wa maganar nauyi. A nan na shigo da mutum, sannan na kai abin ga cike rijiyar, wanda in an yi shi ba dawowa. Saboda ɗango na 8 ya kai maƙura ne na 9 ya samu abin turewa.

Akwai gwaji mai sauƙi na wannan: ku musanya baitin farko da na biyu. In waƙar ba ta ji komai ba, to jeri kuka yi, hujjar ba ta tafiya. Sonet na 73 na Shakespeare misali ne mai kyau. Yana kwatanta tsufansa da ƙarshen kaka lokacin da ganye ya zube, sannan da almuru, sannan da wutar da ke mutuwa a kan tokarta. Daga shekara zuwa yini zuwa ɗan lokaci, wa'adin sai raguwa yake yi, shi ya sa ba a iya musanya baitocin. Ga kuma gwajin ɗango ɗaiɗai: ku rufe shi da yatsa ku karanta sauran. In amsa-amo kaɗai aka rasa, ciko ne. Kalmomi irin su lalle, haƙiƙa, kuwa, ku ji, da siffa biyu masu ma'ana ɗaya a jere, su za ku fara zargi.

Wani abin da na daɗe ina yaudarar kaina da shi shi ne kalmar amma. Nakan dasa ta a farkon ɗango na 9 in ɗauka na yi juyi, alhali abin da ya biyo bayanta ci gaban na baya ne. Ku cire ta ku karanta. In har akwai juyi na gaske za a ji shi, domin wani abu ya sauya: lokaci, ko mai magana, ko wanda ake yi wa maganar, ko matsayin mutanen da ke ciki. A waƙar rijiya babu amma ko ɗaya. Masu dariya ne suka koma masu sunkuyar da kai, amsa-amon ma ya sauya a daidai wurin, kunne ya ji tare da hankali.

Kada ku ɗauka ɗango na 9 doka ce da ba a taɓawa. Mawaƙin Ingila Milton, a sonet ɗin da ya yi kan makantarsa, ya juya a tsakiyar ɗango na 8, inda haƙuri ya katse ƙorafin tun bai gama fita ba, kuma katsewar ita ce ma'anar. Shakespeare a sonet na 130 ya riƙe juyin har ɗango na 13, bayan ya yi ɗango 12 yana cewa masoyiyarsa ba ta kai abubuwan da mawaƙa ke kwatanta mata da su ba. Ya iya jan zaren har can ne saboda kusan kowane ɗango ko biyu sabon abu yake ɗaukowa: ido, leɓe, gashi, kumatu, numfashi, murya, tafiya. Kuma amsarsa gajera ce, ɗango biyu sun ishe ta. Tawa amsar tana da tafiyar dare da shirun mutum da na rijiya, ba za ta shiga ƙwar biyu ba. To girman amsar ne ke zaɓa muku tsari: mai buƙatar fili ta tafi tsarin Italiya, mai kaifi ɗaya ta tafi na Ingila.

Wani lokaci kuma lissafin zai nuna muku cewa kayan da ke hannunku na ɗango goma ne. Ko dai ku koma ga abin da kuke waƙewa ku sake kallonsa har ku samo abin da kuka tsallake, kamar yadda na samo faɗan Kaka, ko ku bar waƙar a goma. Mawaƙin Ingila Hopkins ya ƙago gajeren sonet mai ɗango goma da rabi, ya riƙe rabon kashi biyun, 6 a sama, 4 da rabi a ƙasa.

Ko a waƙar rijiyar, ku sa yatsa a kan rabi na biyu na ɗango na 12. Gori ya riga ya faɗi maganar, ta da batu kuwa don ya amsa wa mutu na kawo shi. Har yanzu ina neman abin da zai maye gurbinsa, kuma mai yiwuwa sai na sauya ƙarshen ɗango na 9 kafin in samu.