Kazar da ta daskare sau biyu

Yau na aje aikin tafinta, kuma cikin duk zagayen da muka yi da masu duba tsabta a Yamai ɗaya ne har yanzu yake ci mani rai.

Watan Afrilu ne, zafi ya haura 40, muka shiga madafar wani gidan abinci wajen Wadata. Mai wurin Hajiya ce ƴar Tawa, Hausa kawai take ji, jami'in kuma Faransanci da Zabarmanci. Ya buɗe firigon ƙanƙara ya sa ma'aunin sanyi, maimakon 18 ƙasa da sifili sai ga 6 kacal ƙasa da sifili. Ya ɗago ledar kaji ya ce in tambaye ta tun yaushe suke ciki. Hajiya ta ce "ɗana gaya mishi jiya an ɗauke wuta tun azahar sai bayan isha'i ta dawo, sun saki, da ta dawo suka sake daskarewa." Gaskiya tsantsa ta faɗa. Ni kuma tausayi ya kama ni, na ga kaji kusan 20 za su tafi, sai na ce mishi wai tun jiya suke ciki, na haɗiye zancen wutar.

Ashe ledar da kanta tana magana. Ya nuna ruwan jini ja da ya taru a gindinta ya daskare dunƙule guda, kajin sun manne da juna, ga ƙanƙara manya-manya cikin ledar. Naman da bai taɓa narkewa ba ba ya yin haka. Kuma sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, tsayar da su kawai yake, sa'o'in da naman ya yi a sake cikin wannan zafin sun hayayyafa, ka mayar ka daskarar suna nan. Sai ya rubuta cewa ta ɓoye gaskiya, bayan kwashe kajin ya ƙara da tara.

Da na karanta mata takardar ta dube ni ta ce "ɗana ai na faɗa maka." Wallahi na rasa inda zan sa kaina. Na juya na ce mishi ni na rage maganar ba ita ba, ya wanke ni tas gaban masu wanke-wanke, wannan na cancanta, amma ya ƙi goge layin wai an riga an rubuta, wannan kam har gobe ban ga adalcinsa ba.

Tun ranar ko zagi aka yi sai na isar da shi cikakke. Kuɗi kuma in juya su zuwa dala da jikka in maimaita sau biyu, tunda dala ɗaya faran 5 ce, kar faran 5000 ya koma dala 5000 a kunnen mutum. Hajiya har yau in na wuce tana amsa gaisuwata, amma ba ta sake ce mani ɗana ba.