Yadda muke farautar kuskure a taswirar aiki

Sana'armu a nan Garwa ita ce rubuta ƙananan manhajoji ga 'yan kasuwa: masu sari, masu kantin magani, masu sayar da siminti. Ni ne da yarana biyu. Dokar shagonmu ita ce ba a rubuta ko layi ɗaya a kwamfuta sai an zana taswirar aikin a takarda, wadda yaran ke kira oganigiram. Alamominta na kowa ne, suna cikin ƙa'idar ISO 5807 ta 1985: mai siffar ƙwai shi ne farko ko ƙarshe, akwati aiki ne, mai tsini huɗu kuma tambaya ce. Kibiyoyi ne ke haɗa su.

Wani Alhaji mai sarin shinkafa ya so abokan cinikinsa na garuruwan Gidar da Figil su riƙa biya ta waya. Tsarin da sauƙi a baki. Mutum ya yi oda, manhaja ta ware masa buhunansa, ta tura masa buƙatar biya, ta jira tabbaci, sannan ta fitar da rasit. Babban yarona ya zana, zanen kuwa ya yi kyau a ido.

Abin da nake fara yi shi ne ƙirga kibiyoyi. Kowane akwati sai da kibiyar shiga da ta fita, in ba na farko da na ƙarshe ba. Kowace tambaya kuma sai da mafita biyu aƙalla, kowace da amsarta a rubuce. Da wannan kaɗai muka ga akwatin "kaya ba su isa ba" an shiga ba a fita. A kwamfuta, mai saye zai tsaya yana kallon allo, babu gaba babu baya. Muka ja masa kibiya zuwa "rage yawan buhu ko fasa".

Wanda ya fi cin lokaci shi ne wurin jira. Yaron ya san ba a jira har abada, don haka ya sa maƙirgi mai suna `n`: a duba tabbaci duk bayan daƙiƙa 10, in an duba sau 12, wato minti 2, a haƙura. Tunanin daidai ne. Amma na ce ya ɗauko fensir ya bi kibiyar da yatsa, yana rubuta darajar `n` a gefe duk zagaye. Ya rubuta 1. Ya zago, ya sake rubuta 1. A na uku ya ɗago kai.

"Maigida, ai ba za ta taɓa kai 12 ba."

Kibiyar komawa ta sauka ne a saman akwatin `n = 0`, maimakon ƙasansa. Duk zagaye sai ƙirgar ta koma sifili, a ƙara ɗaya, a sake sharewa. Idan sabis na da kyau babu mai lura, domin tabbaci na zuwa tun a zagayen farko. Ranar da sabis ya ɗauke ne manhajar za ta yi ta juyawa, buhunan Alhaji na ware, ba a sayar ba kuma ba a sake su ba. Shi ya sa duk inda na ga kibiya ta koma baya nake tambaya: me ke sauyawa a kowane zagaye, kuma sauyin nan yana kai mu ga ƙofar fita?

Sai tambayar kuɗi. An rubuta mata mafita biyu, "ya biya cif" da "kuɗin bai kai ba". Ƙirgar kibiya ba ta kama wannan, tunda biyun sun cika. Lambobi ne ke kama shi. A odar sefa 200,000 mukan gwada 199,995, da 200,000, da 200,005, da sifili. Ta ukun ba ta da hanyar bi. Mutane kuwa suna tura fiye da kuɗin kaya, wani don rage tsohon bashi, wani hannunsa ne ya kuskure. Wannan ba mu ke yanke hukunci ba, sai na kira mai kaya.

"Alhaji, in mutum ya turo da rara, a mayar masa ko a ajiye?"

Ya ce a rubuta masa a littafinsa, a cire a odar gaba. Muka ƙara mafita ta uku.

Gyaran wurin jira kuma ya haifo tambayar da babu ita a zanen farko: idan minti 2 sun cika, an saki buhunan, sannan tabbaci ya iso fa? Kuɗi sun shiga, kaya wataƙila wani ya saye. Muka buɗe wa wannan hanyarsa daban. Manhaja ta sake duba sito, in buhunan na nan ta fitar da rasit, in babu ta rubuta kuɗin a littafin mai saye, ta kuma aika wa Alhaji saƙo ya kira shi.