Baffa ya ci gādo, kawu bai ci ba: abin da fassarar wata hira ta koya mini

Wata baiwar Allah da aka haifa a Ingila ta turo mini muryar kakarta, hirar minti 47, tana so in mayar mata da ita Turanci. Tana jin Hausar gaisuwa da ta cin abinci, amma Hausar tsohuwa 'yar Kano mai tafe da karin magana da habaici ta fi ƙarfinta. Abin da take nema ta fahimta shi ne yadda aka raba gidan kakanta, wanda ya rasu tun mahaifiyarta tana goye. Na ce mata kwana 2 ya ishe ni. Sai da na yi kwana 9, kuma ba karin maganar ce ta riƙe ni ba, sunayen dangi ne.

Ga wurin da na fara yin tuntuɓe. Hajiya ta ce, “Da Malam ya rasu, baffansa ya zo aka ba shi rabonsa. Kawunsa kuwa da ya riƙe shi tun yana tsumman goyo, ko tsinke bai samu ba, kuma bai ce uffan ba.” Ni kuwa hannuna ya saba, sai na sa ankul a wuri biyun, na wuce. Ai kalma ɗaya Turanci yake da ita, ko ɗan'uwan uwa ne ko na uba. Washegari jikar ta kira ni, muryarta a sama: “Malam, wannan ai zalunci ne. Ankul biyu, wanda ya yi wahalarsa aka hana, aka ba wanda bai yi komai ba?” Har ta fara shirin kiran mahaifiyarta ta ji ko za a iya tono maganar.

Babu wanda aka zalunta. Fassarata ce ta ƙirƙiro zaluncin. Malam ya bar mata ɗaya da 'ya mace ɗaya, iyayensa sun riga shi rasuwa, ba shi da ɗa namiji, ba shi da wa ko ƙane ko wani daga cikin zuriyarsu, ba shi da ya ko ƙanwa. A rabon gādo na Musulunci, idan aka kasa dukiyar kashi 8, matar tana ɗaukar 1 saboda mamacin ya bar 'ya, 'yar tana ɗaukar rabi, wato 4, sauran 3 kuma na asaba ne, wato namijin da ya fi kusa ta wajen uba. A wannan gidan baffa ne. Kawu ɗan'uwan uwa ne, dangantakarsa ta bi ta mace, ba ya cikin masu cin gādo matuƙar akwai waɗancan. Shi ya sa bai ce uffan ba. Haka abin yake a waliccin aure, baffa ake nema idan babu uba da makusantansa. Duk wannan yana ƙunshe cikin kalmomi biyu da Bahaushe ke ji ya gane ba tare da an yi masa bayani ba, ni kuma na narkar da su cikin kalma ɗaya.

Gyaran da na yi mai sauƙi ne. A karon farko da kowannensu ya fito, na warware dangantakar da Turanci, “ƙanen mahaifinsa” da “wan mahaifiyarsa”, sannan na bar Baffa da Kawu da babban baƙi kamar sunaye har ƙarshen hirar. Na ƙara jimla ɗaya a ƙasan shafi a kan dalilin da ɗaya ya gāda ɗaya bai gāda ba. Amma kafin in rubuta ƙane da wa sai da na tambaya, don su baffa da kawu ba su faɗin wanda ya girmi wani.

Tambayar ce ma ta ceto ni daga kuskure na biyu. Na buɗe ƙamus, har da na Bargery na 1934, amma ƙamus ma'anar kalma yake bayarwa, ba ya sanin yadda gida kaza ke amfani da ita. Baffa da kawu da goggo duk daga Fulatanci muka aro su, kuma ba kowane gida ne ke tsare iyakarsu ba. Na san gidajen da ake ce wa ƙanen uba Kawu, na san inda Baba kawai ake cewa, kuma a ƙasashen yamma, wajen Sakkwato, za ka ji rafani a inda Bakano zai ce kawu. Saboda haka na roƙi a haɗa ni da Hajiya a waya. Bayan gaisuwa na ce, “Hajiya, Allah ya ƙara muku lafiya, shi Kawun nan da kuka ambata, ta ina suka haɗu da Malam?” Ta ce, “Ɗan nan, ai ciki ɗaya suka fito da mahaifiyarsa, shi ne babba.” Daga ranar na ɗauki farar takarda na zana gidan gaba ɗaya, maza a murabba'i, mata a da'ira, kowa da abin da ake kiransa a gefe guda, da ainihin yadda yake da Hajiya a ɗaya gefen. Mutum 23 na lissafa. Da na fara da wannan takarda tun ranar farko, da rabin wahalar ta ragu.

A kan takardar ne na ga cewa abin da ake kiran mutum daban, abin da yake daban. A minti na 12 Hajiya ta ce, “Ku gaya wa kishiyata ta daina yi mini rowar mijina, ta turo shi ya kawo cefane.” A rubutuna na farko na fassara shi yadda ya zo, har na ƙara wa Hajiya, wadda ta yi aure biyu, miji na uku a zanen. Ashe kishiyar ita ce jikar da ta ba ni aikin, mijin kuwa ƙanenta ne, saurayi ɗan makaranta. Wasan kaka da jika ne da kowa ya sani, kaka mace ta ce wa jikanta namiji maigida, ta ce wa jikarta kishiya. Na ji kunyar kaina, don ni ma kakata da ango take kirana. Kunnena ya san wasan, amma da na zauna gaban rubutu sai na koma bin kalma. A nan ban goge miji da kishiya ba, don idan na mayar da su jika, dariyar ta mutu, kuma dariyar ce jikar take so ta ji daga bakin kakarta. Na bar su, na ƙara gajeren bayani a gaba cewa da zolaya take faɗa, jikokinta take nufi.

Akasin wannan shi ne 'yarta. Tun daga farkon hirar har ƙarshe Hajiya ba ta kama sunanta ba, ba ta kuma ce “'yata” ba ko sau ɗaya. “Yarinyar nan” take cewa, ko “uwar waɗannan”. A Turanci, uwa ta riƙa ce wa 'yarta yarinyar nan yana kama da ƙiyayya ko fushi. Alkunyar 'yar fari ce kawai. A wurare uku da za a iya rikicewa na sa “'yata” don mai karatu ya san wa ake nufi, sauran na bar yadda ta faɗa, da bayani ɗaya a farko. Har yanzu ina ɗan jin nauyin ukun nan, don na sa mata a baki abin da ta shekara fiye da sittin tana kauce wa faɗa.

Inda Turanci ya fi yaudarata shi ne inda yake da kalma mai kama da tamu. Bayan takaba Hajiya ta sake aure, ta tafi da yarinyar gidan sabon mijin, inda ta tarar da uwargida. Yarinyar ta zama agola ke nan. Turanci yana da kalmar da ke nufin 'yar da miji ko mata suka haifa da wani, kuma a ido ta dace. Sai dai ita tana aiki ta kowane ɓangare: ɗan miji ma da ita ake kiransa. Agola kuwa hanya ɗaya take bi, ɗan da mace ta zo da shi gidan wani, kuma tana ɗauke da nauyin da waccan ba ta da shi, na zama a gidan da ba na ubanka ba, inda ba ka da gādo, inda ake iya yi maka gori. Da Hajiya ta ce, “Ban yarda kowa ya ce mata agola ba,” idan na sa kalmar Turancin, jimlar ba ta da ma'ana, don ba zagi ba ce a can. Na bar agola a rubuce, na warware ta sau ɗaya.

Ita kuma uwargidan, wadda yarinyar ta tashi tana ce wa Inna, na fara ba ta kalmar da Turawa ke kiran matar uba. Kuskure biyu a wuri ɗaya. Kalmar tasu tana sa mai karatu ya ɗauka uwar ta mutu ko an sake ta, alhali tana ɗaki na gaba tana tuƙa tuwo. Sannan matar ba matar uban yarinyar ba ce ma, kishiyar uwarta ce a gidan wani mutum. Babu gajeriyar hanya, sai na rubuta “uwargidan mijin mahaifiyarta”, doguwa ce, amma ita ce gaskiya. Bayan haka Inna ta ci gaba da zama Inna.

Wani ƙaramin abu da ya kusa wuce ni tun a matakin kwafe magana: “yar uwa” da “'yar'uwa”. Ta farko yayar mahaifiya ce, ta biyu kuwa wadda kuka haɗa jini ce, tun daga shaƙiƙiya har ɗiyar goggo. A rubutun waya da ba a sa alamomi, kamanninsu ɗaya. Sai na koma na saurari wurin sau uku kafin na tabbata yayar mahaifiyarta take nufi, wato anti a Turanci, ba sista ba.

Kalma ɗaya ce ban gamsu da yadda na yi da ita ba. Kusa da ƙarshe Hajiya ta ba da labarin ɗan goggonta da ke tare ta a hanya duk watan cika-ciki yana neman kuɗin shara, yana ce mata baiwarsa, ita kuma ta rama da abin da ya fi haka. “Taubashina ne,” in ji ta, shi ke nan bayanin ya ƙare a wurinta. Kazin na Turanci ya haɗa ɗan baffa da ɗan goggo da ɗan kawu da ɗan inna a buhu ɗaya, alhali taubasantaka tsakanin ɗan mace da ɗan namiji take, 'ya'yan wa da ƙane ba sa yin ta. Na rubuta “ɗan ƙanwar mahaifina, wanda al'ada ta yarda mu zolayi juna”. Daidai ne, amma ya yi kama da rubutun takardar kotu, babu ko ɗigon dariyar da ke cikin muryarta.

Da jikar ta karanta, wannan wurin ta tsaya a kai. Ta ce tana da ɗan kawu a Kaduna da ke damunta da tsokana duk lokacin da ta zo hutu, ta daɗe tana ɗauka raini ne. Ta tambaye ni ko ita ma tana da damar ramawa. Na ce mata ta tambayi kishiyarta, ta fi ni sanin abin da ake faɗa.