Farashin jiga na kan allo da farashin jigar da ka ci

Wata guda na ɗauka a Yamai ina rubuta duk forfen intanet da na saya a cikin ƙaramin littafi, da layuka uku a hannuna. Kamfanonin salula huɗu ne a Nijar: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecom, kuma kowanne yana sauya tayinsa lokaci zuwa lokaci. Don haka ba zan liƙa wa kowa suna ba. Zan ce layi na farko, na biyu, na uku, in kawo alƙaluman a dunƙule don lissafin ya fito fili. Kai sai ka sa farashin da ka gani yau a wayarka.

Kafin in duba farashin kowa, sai da na auna cikina. A wayar Android, cikin Paramètres, akwai wurin da ke nuna megar da kowace manhaja ta ci. Na rubuta adadin kowane dare har kwana bakwai. Mako guda ake buƙata, ba kwana ɗaya ba, domin ranar da ake ta turo hotunan biki ko suna a WhatsApp ba ta kama da ranar aiki. Nawa ya tsaya wajen mega 150 a yini, wato jiga huɗu da rabi a kwana 30. Idan ba ka san wannan adadin naka ba, duk kwatancen da za ka yi cinikin biri a sama ne.

Daga nan na mayar da komai ma'auni ɗaya. A allo ana rubuta Mo ga mega, Go ga jiga. A lissafin na'ura jiga guda mega 1024 ce, wasu kuma suna ƙirga 1000. Ni da 1000 na yi aiki, bambancin bai kai ya sauya wanda ya yi nasara ba. Abin da ya fi rikita mutane kuɗin ne. A baki muna cewa dala ɗari, allo yana cewa 500. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai tun daga farko, in ba haka ba wani layin zai fito maka ya ninka wani arha sau biyar alhali ƙarya ce. Ni da sefa na rubuta, na raba kuɗi da yawan jiga.

Ga tayi ukun da na gwada. Layi na farko: sefa 500, jiga guda, awa 24. Na biyu: jika guda, jiga ɗaya da rabi, kwana 7. Na uku: jika biyar, jiga 10, kwana 30. A takarda na farko da na uku kunnen doki suka yi, sefa 500 kowace jiga, na biyu kuma ya fi tsada, wajen sefa 667. Wanda ya tsaya a nan zai watsar da na mako.

Amma jigar da ba ka ci ba kafin wa'adi ya cika, ka biya kuɗinta kuma ta tafi. Na awa 24 ɗin nan, mega 150 kawai na taɓa, 850 suka mutu. Ke nan na biya sefa 500 a kan mega 150, wanda ya kai sama da sefa 3,300 a jiga. In da kullum haka zan riƙa saye, jika goma sha biyar ce a wata. Wannan forfen ba na yau da kullum ba ne. Amfaninsa ranar da kake da babban aiki guda, kamar sabunta waya ko sauke bidiyon darasi, ka saya ka cinye a zama ɗaya.

Na makon kuwa ya zauna daidai da ni. Mega 150 sau bakwai 1,050 ne, cikin 1,500. An yi asarar 450, amma abin da na ci ya tsaya mini a kan sefa 950 da ƴan kai kowace jiga. Kwana 30 mako huɗu ne da kwana biyu, don haka kuɗin wata ya kama wajen 4,300, ba 4,000 ba. Mutane da yawa suna manta kwana biyun nan.

Na watan shi ne ya fi ba ni aiki, kuma a nan na fi koyon abu. Bayan na saya, saƙon tabbatarwa ya nuna jiga goman kashi biyu ne: shida na kowane lokaci, huɗu na dare, daga tsakar dare zuwa asuba. Ni a lokacin nan barci nake. A wurina forfen jiga shida ne a jika biyar, wato sefa 833, kuma da na ci huɗu da rabi kawai sai ya koma sama da sefa 1,100 a jiga. Wanda ya fi kowa tsada a allo shi ne ya fi arha a aljihuna. Haka abin yake da tayin da aka keɓe wa WhatsApp ko Facebook kawai: kada ka haɗa megarsa da ta sauran, domin da ka danna wani adireshi ya fitar da kai waje, daga wani asusun za a cira.

Wannan sakamakon na mai cin mega 150 ne. Wanda ke cin 300 a yini, forfen mako zai ƙare masa a kwana biyar, sai ya saya sau shida, jika shida. Shi na wata zai fi masa, da sharaɗin ya tura jiga uku cikin taran da yake buƙata zuwa dare. In ba zai iya ba, jiga shidansa za su ƙare a rana ta 20.

Wa'adin ma sai an karanta shi da kyau. "Yini ɗaya" wani lokaci awa 24 ne daga sa'ar da ka saya, wani lokaci kuma da ƙarfe sha biyun dare yake yankewa. Ka saya bayan isha'i ka ga awa uku ka samu. Saƙon da ke zuwa bayan saye yana ɗauke da rana da sa'ar ƙarewa, ni shi nake kwafewa a littafi. Ka kuma gwada sau ɗaya da ƙaramin forfe ko ragowar mega tana haɗuwa da sabon saye idan ka sabunta kafin wa'adi, ko kuwa tana zubewa. In tana haɗuwa, megar 450 ɗin nan da nake asara kowane mako ta dawo cikin lissafi.

Wata ɓarakar da ta ci mini kuɗi ita ce ƙarewar forfe alhali akwai kiredi a layin. Intanet bai tsaya ba, ya ci gaba da cin kiredin kira a farashin da ya fi na forfe nesa ba kusa ba. Alamarsa ita ce ka duba ka ga kiredi ya ragu ba ka kira kowa ba. A waya mai layi biyu hakan yakan faru kuma idan ka sayi forfe a layi ɗaya amma wayar tana jan intanet daga ɗayan. Yanzu ba na barin kiredi mai yawa a layin intanet, kuma na kashe Téléchargement automatique des médias a WhatsApp.

Sai rezo. Ɗaya daga cikin layukan yana gudu sosai a wajen Babbar Kasuwa, amma a cikin ɗakina da magariba sai ya sauka daga 4G ya koma jan ƙafa, saƙon murya ma sai an jira. Jigar da ba ta buɗewa a inda kake kwana, ita ma wa'adi ne zai cinye ta. Shi ya sa kafin in zuba jika biyar a kowane layi nake sayen mafi ƙanƙantar forfensa in gwada a gida da wurin aiki, a sa'ar da na saba amfani. Idan kuma akwai tafiya Tawa ko ƙauye a cikin watan, ina cire kwanakin daga 30 ɗin kafin in raba, sai dai in na san layin yana kamawa a can.