Wasiƙa daga Indiya: yadda aka yanki jihar Telangana

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Ina rubuto muku daga Hyderabad, babban birnin Telangana, jihar da aka yanko daga Andhra Pradesh ranar 2 ga Yuni 2014. Na ga zancen ƙirƙiro sababbin jihohi ya sake tashi a wajenku, shi ya sa nake so ku ji yadda aka yi a nan.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, mutanen da suka rabu harshensu ɗaya, Telugu. Saboda harshen ma aka haɗa su jiha guda a 1956. Tun a lokacin mutanen Telangana, waɗanda suka fito daga mulkin Nizam, sarkin Hyderabad na dā, ba tare da yalwar makarantun boko ba, suke tsoron 'yan'uwansu na bakin teku za su danne su. An rubuta musu yarjejeniyar kariya, amma suka ce ba a cika alkawari ba, har rikici ya ɓarke a 1969. Kukansu a kan abu uku yake: ruwa, kuɗi da aikin gwamnati. Kogin Krishna da na Godavari suna ratsa ƙasarsu, amma gonakin da suka fi shan ruwan suna can gangare wajen teku. Manomin da kogi ke wucewa kusa da shi, yana kuma cin bashi don haƙa rijiyar burtsatse, ba ya bukatar ɗan siyasa ya gaya masa an bar shi a baya. A ganina wannan ne ke raba babban yanki fiye da bambancin yare: wani sashe ya tabbata cewa ƙuri'unsa ba za su taɓa rinjaye ba. A majalisar Andhra Pradesh ta kafin rabuwa mai kujeru 294, yankin Telangana na da 119 kacal.

To, yaya aka yi? Sashe na 3 na tsarin mulkin Indiya ya bai wa majalisar tarayya wuƙa da nama. Shugaban ƙasa yana aika ƙudurin ga majalisar jihar da za a yanka, ya ba ta wa'adi ta faɗi ra'ayinta, amma ra'ayin ba ya ɗaure kowa. Ranar 30 ga Janairu 2014 majalisar Andhra Pradesh ta yi watsi da ƙudurin. Duk da haka majalisar wakilai ta tarayya ta amince da shi ranar 18 ga Fabrairu, ta dattawa ta bi bayanta ranar 20. Rinjaye mai sauƙi ya wadatar, babu ƙuri'ar raba-gardama.

Ku gwada da Najeriya. Sashe na 8 na tsarin mulkin 1999 yana neman kashi biyu cikin uku na wakilan yankin, sannan kashi biyu cikin uku a ƙuri'ar raba-gardama, sannan amincewar mafi yawan jihohi, sannan kashi biyu cikin uku a kowane zauren majalisar tarayya. Ba abin mamaki ba ne da jihohi suka tsaya a 36 tun 1996, lokacin soja. Tsarin Indiya yana buɗe wa marasa rinjaye ƙofa, amma yana damuna cewa za a iya yanka jiha tana cewa a'a.

Wahalar kuwa bayan sa hannu take. An raba yawancin dukiya da bashi bisa yawan jama'a, kusan kashi 58 ga Andhra Pradesh, 42 ga Telangana. An kafa hukumar kula da kowane kogi, amma har yau jihohin biyu suna jayayya a kan ruwan Krishna. Babbar kotun jiha ba ta rabu ba sai 1 ga Janairu 2019. Dubban ma'aikatan gwamnati sai da aka tantance jihar da za su koma.

Mafi zafi shi ne babban birni. Hyderabad, inda kamfanoni da haraji suka taru, ya faɗa cikin Telangana. Doka ta ce su yi tarayya da shi na tsawon da bai wuce shekara goma ba. Andhra Pradesh ta aza harsashin sabon birni, Amaravati, a 2015, manoma suka ba da gonakinsu da alkawarin za a mayar musu da filaye cikin birnin. Gwamnatin da ta hau a 2019 ta ce babban birni uku take so, aiki ya tsaya, manoman suka shafe shekaru suna zanga-zanga, sai bayan zaɓen 2024 aka koma kan Amaravati.

Don haka idan wakilinku ya zo da takardar neman jiha, ku tambaye shi inda hedikwata za ta zauna, da wanda zai biya fanshon tsofaffin ma'aikata, da yadda za a raba ruwa da bashi. Ku nemi a rubuta amsoshin cikin dokar kanta, da wa'adin kowanne.

Ina gaida kowa da kowa.

Ɗan'uwanku a Hyderabad